Faifan Ƙwai a Kan Romo

Ni ce na fara gane idon maigidana ya tafi, tun kafin shi ya yarda. Zan miƙa masa kofin shayi sai hannunsa ya wuce gefe, ya dawo yana lalube, ya ce wai ni ce ban iya miƙa abu ba. Yanar ido ce ta rufe masa na hagu gaba ɗaya, na dama kuma saura kaɗan. Yana ganin haske, yana ganin giccin mutum, amma ya bambance fuska ko ya ga abin da ke cikin tukunya, wannan kam ya wuce.

Kuku ne shi. A Khartum ya koyi aikin, a gidajen Turawa, tun yana saurayi. Daga baya ya aure ni a Mai Wurno, garin Hausawa da ke Sudan, muka haye teku da niyyar Hajji, muka yi Hajjin, muka zauna a Jidda kamar yadda dubunmu suka zauna. Muka kama ɗaki biyu a unguwar Hindawiyya, a nan na haifi 'ya'yana uku. Shi kuma ya samu aiki a gidan wani attajiri mai shigo da kaya daga waje, wanda ke yawan yin baƙi Turawa. Attajirin nan shi ne kafilinmu. Iƙamarmu, takardar da ta ba mu izinin zama a ƙasar, a hannunsa take, kuma a kan aikin maigidana ta rataya. In aikin ya faɗi, takarda ta faɗi, mu biyar sai jirgin ruwa zuwa Bur Sudan. Ba mu da gona a can, ba mu da ko bukka. Yaran ba su taɓa ganin wurin ba, Hausarsu ma rabi Larabci ce.

A shekarar da nake ba da labari, saura 'yan kwanaki takardar ta ƙare. An riga an fara ƙorafi a gidan attajirin. Sau ɗaya an tsinci ɓawon ƙwai a abinci, sau ɗaya kifi ya fito da ƙaya. Da maigidana ya yi wa kafili maganar sabuntawa sai ya ce masa, “Ranar Juma'a ina da baƙi. Ka yi musu romon nan naka mai haske. Bayan nan sai mu yi magana.”

Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Sai da na matsa masa sannan ya ce, “Romon nan ido yake so, uwar yara. Komai zan iya da hannu da hanci da harshe. Amma in ya yi garau ko bai yi ba, wannan sai ido.”

Na ce, “To, ni makauniya ce?”

Haka aka yi na bi shi ranar Juma'a da sassafe, a kan na zo taya wanke-wanke.

Ya kamata in faɗi gaskiya a kaina. A lokacin ina ji da kaina a girki. Duk layinmu in ana suna ko walima ni ake kira in kaɗa miya, kuma na san haka, ba na ɓoyewa. Girkin Turawan da maigidana ke taƙama da shi kuwa raina shi nake yi. A ce mutum ya kwana biyu yana dafa ƙashi da nama, sannan ya tsame komai ya zubar, ya kawo wa baƙo ruwan zalla? A gidanmu in ka yi wa baƙo haka sai a ce kana korarsa ne. Na sha yi masa tsiya a kan wannan, shi kuma ba mai yawan magana ba ne, sai ya yi murmushi ya ce ba zan gane ba. Da ya taɓa zaunar da ni ya bayyana mini, da ba a yi abin da aka yi ba. Amma shi ma yana da nasa girman kan, kuku ne na gidan manya, ba ya koya wa matarsa girki.

Romon ya dafa shi tun ranar Alhamis, ya kwana a cikin firiji. Da ya fito da shi ya ce in kwashe kitsen da ya daskare a sama, in kwashe tas, kada in bar ko ɗigo. Sannan ya ce in ɗebo a ludayi in faɗa masa abin da na gani.

“Kamar ruwan wankin shinkafa,” na ce.

Ya yi tsaki. Ya ce jiya tukunyar ta tafasa da ƙarfi bai ankara ba. Ya ɗauko wani kwanon tangaran daga cikin waɗanda za a ba baƙi, mai ɗan shuɗin fure a gindinsa, ya ce in cika shi da romon.

“Kin ga furen?”

“Ban ga komai ba.”

“To, sai kin gan shi kamar babu komai a kwanon, sannan mun gama.”

Ya fasa ƙwan da ke gidan duka, yana raba su da tafin hannunsa. Gwaiduwar ya yi kayan zaƙin baƙi da ita, ya tura a tanda. Farin kuma ya kaɗa shi sama-sama, ya murƙushe ɓawon a ciki, ya zuba niƙaƙƙen nama marar kitse, da albasa da karas da tumatir da ya yanka ƙanana. Ya juye duka cikin romon mai sanyi, ya ɗora a wuta kaɗan, yana juyawa a hankali har gindin tukunyar. Ni ina tsaye ina kallon ikon Allah. Romo dama ga shi gurɓatacce, an ƙara masa ƙwai da ɓawo. Bakina sai ƙaiƙayi yake yi.

Yana cikin juyawa aka fara kiran salla. Ya taɓa gefen tukunyar da bayan hannunsa, ya ciro ludayin ya ajiye, ya rage wuta.

“Zan tafi masallaci. Ki sa mata ido.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya fita ta ƙofar baya yana bin bango da yatsunsa.

Bai daɗe da fita ba na ga abu ya fara tasowa. Fari-fari da farko, sannan ya yi toka-toka, ya haɗe, ya yi kauri, ya rufe fuskar tukunyar baki ɗaya. Duk wani datti na duniya yana jikinsa. Na ce a raina, wayyo bawan Allah, ashe haka idon ya lalace, ashe irin ƙazantar da yake kai wa mutane ke nan bai sani ba. Tun ina yarinya uwata ta koya mini, in kumfa ta taso a kan nama a kwashe ta a zubar, mace ba ta barin kumfa a tukunya. Na ɗauki ludayi na kwashe abin nan tas, na zuba wa kyanwoyin bayan gida. Na ga saura na yawo, na ƙara wuta don ya taso da kyau, na burga tukunyar kamar ina kaɗa miyar kuka. Har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa. A ganina na ceci mijina.

Da ya dawo, tun daga bakin ƙofa ya tsaya. Kunnensa ne ya gaya masa.

“Me nake ji yana tafasa?”

“Romonka ne. Zo ka ji, na gyara maka shi. Datti ne ya taso, na kwashe.”

Ya ƙaraso da sauri har ya buge kujera, ya kashe wutar, ya sa ludayi yana lalube a saman tukunyar.

“Ina faifan?”

“Wane faifai?”

“Abin da ya rufe tukunyar. Ina yake?”

“Kyanwoyi sun cinye.”

Shekara goma sha shida muna tare a lokacin, ban taɓa ganin ya yi abin da ya yi ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya sulale ya zauna a ƙasan kicin da fararen kayan Juma'arsa, ya dafe kai, yana ta innalillahi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ɗebo romon a kwanon furen. Ya fi ɗazu gurɓacewa, ga ɓarɓashin ƙwai na yawo a ciki kamar dusa.

Ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi. Na ce, “To ai laifinka ne! Ka ce in sa ido, ka ce kada in taɓa? Wa ya taɓa ganin an bar datti a kan abinci?”

A zaune a ƙasan nan ya yi mini bayanin da ya hana ni shekara goma sha shida, cikin wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce abin da ke gurɓata romo ƙanana ne ƙwarai, babu rariya ko ƙyallen da zai tare su. Farin ƙwai in ya narke cikin romo mai sanyi yana shiga ko'ina. Da zafi ya kama shi sai ya fara daskarewa, ya zama kamar taru mai ƙananan idanu, ya kamo dattin duk inda yake, ya taso da shi sama. Wannan shi ne faifan. Sai a huda masa 'yar ƙofa a gefe, romon ya riƙa ɓulɓulowa ta nan a hankali, ya bi ta cikin faifan ya koma ƙasa, kowane zagaye yana barin dattinsa a ciki. In an juya, tarun ya yage. In ya tafasa da ƙarfi, ya yage.

“Dattin da kika gani,” ya ce, “alamar yana aiki ne.”

Na ce bari in je in ƙwato abin da kyanwoyin suka rage mu mayar. Ya ce ƙwan da ya riga ya dahu ya gama aikinsa, ba ya sake kama komai. Sai sabo. Kuma ba a zuba sabo a romo mai zafi, don nan take zai dunƙule tun bai bazu ba. Sai an sanyaya shi tukuna.

Baƙi za su zauna da ƙarfe uku. Ɗaya ta riga ta wuce. Babu ƙwai ko ɗaya a gidan, naman ma ya ƙare, kuma ranar Juma'a ce, duk kantunan unguwar a rufe suke har la'asar.

Muka tace romon da ƙyalle don fitar da manyan ɓarɓashi, muka juye shi a manyan faranti biyu masu faɗi. Ya ciro duk ƙanƙarar da ke firiji, wadda aka tanada don ruwan baƙi, ya zuba a baho, ya ɗora farantan a kai, ya ɗauki mafici. Ni kuma na ja mayafina na fita.

Ban san unguwar ba. Manyan gidaje ne masu dogayen katanga, babu kowa a titi, rana kamar za ta fasa kai. Na je kantin kusurwa na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi. Na bi ƙofofin baya ɗaya bayan ɗaya. Wani maigadi ya kore ni, ya ɗauka bara nake yi, kuma gaskiyarsa, barar nake yi. Takalmina ya tsinke, na cire na riƙe a hannu, ƙasa na gasa mini ƙafa. Ina tafiya ina ganin 'ya'yana a kan jirgi da ƙullin kayansu, babbar tana tambayata ina za mu. Ina kuka ina roƙon Allah da baki a fili, kamar mahaukaciya. Ƙwai nake roƙonsa, ƙwai kawai.

A bayan gida na biyar ko na shida na ji kukan kaza. Na leƙa ta tsagar ƙofa na ga wata mata baƙa tana shanya. Na yi mata sallama da Hausa, ban ma yi tunani ba. Ta juyo ta amsa. Haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazai, wanki take yi a gidan.

“Esh fi, ya ukhti? Me ya same ki? Mutuwa aka yi?”

“Ƙwai nake nema, Yaya. Don girman Allah. Iƙamarmu ce.”

Na san maganar ba ta da kai ba ta da gindi, amma da ta ji kalmar iƙama ba ta ƙara tambaya ba. Ta shiga akurki ta fito da guda shida, biyu da ɗuminsu, ta ƙulle mini a gefen mayafi.

“Yalla, ruhi, tafi. Kada ki yi gudu su fashe.”

Ban san sunanta ba har yau. Ina sa ta a addu'a.

Na tarar da shi yana ta fifita, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya tsoma yatsa ya ce ya huce, za a iya. Ƙwan ƙanana ne na kajin gida, kuma babu nama, don haka ya rage romon, ya ce gara kowa ya samu rabin kwano mai kyau. Ya fasa, ya raba, ya kaɗa, ya murƙushe ɓawon, ya matse ɗan lemun tsami a ciki. Muka ɗora. Wannan karon ni ya ba ludayin.

“Juya a hankali, ki taɓo gindi kada ya kama. Ki riƙa faɗa mini.”

“Ya yi fari kamar madara.”

“Ci gaba.”

“Na ga wasu zare-zare sun fara haɗuwa.”

“Cire ludayin. Cire! Kada ki ƙara taɓawa.”

Na sa hannuwana biyu a baya na riƙe ɗaya da ɗaya, don na san halina. Abin ya taso kamar ɗazu, sai dai ya fi na farko sirantaka, kana ganinsa ka san ba zai jure wargi ba. Ya ce in huda shi a gefe da bakin cokali, faɗin kwabo biyu. Na huda. Ya durƙusa ya kawo kunnensa kusa da tukunyar, hannunsa a kan makunnin wuta, yana ragewa yana ƙarawa da jin ƙarar ɓulɓulowar. Ni ina kallon ƙofar faifan. Da farko abin da ke fitowa fari ne. Can sai ya fara washewa. Can na ga ya koma launin shayi marar madara.

Muna jin motoci na tsayawa a waje. Mutumin da ke kai abinci tebur ya leƙo sau biyu, na biyun ya ce an zauna, kafili na tambaya. Maigidana ya ce masa minti goma. Uku ta yi, ta wuce. Ya ce in an ɗebe shi yanzu aikin banza aka yi, faifan bai gama ba.

Da lokaci ya yi ya kashe wuta. Ya jiƙa farin ƙyalle ya shimfiɗa a kan wata tukunyar, ya riƙe gefunan da hannu biyu. Ni nake ɗiba ta ƙofar faifan, ludayi ɗaya bayan ɗaya, ina zubawa a hankali. Ina cikin haka na ji kamar an tare haske. Na ɗaga kai. Kafili ne tsaye a bakin ƙofar kicin, wurin da aka ce bai taɓa takowa ba. Jinkirin ne ya taso shi daga cikin baƙinsa.

Maigidana na fuskantar ƙofar sosai, taku huɗu tsakaninsu. Ya ga giccin mutum, ya ɗauka mai kai abinci ne, ya ce da Larabci, “Na ce maka minti goma, tafi ka ba su ruwa.” Sannan ya juyo wajena da Hausa. “Zuba a kwanon. Kin ga furen?”

Kafili ya ɗaga hannu a hankali, ya kaɗa shi a iska, sau ɗaya, sau biyu. Idon maigidana bai bi hannun ba.

“Uwar yara, kin gan shi ko ba ki gan shi ba?”

Na duba kwanon. Furen na nan shuɗi, har 'yan jijiyoyin ganyensa, kamar babu komai a kansa.

“Na gan shi,” na ce.

Ya yi hamdala, ya yi dariya har da hawaye. Da na sake ɗaga kai babu kowa a ƙofar.

Aka kai romon. Aka kai kifi, aka kai nama, aka kai kayan zaƙi. Kwanukan suka dawo wayam. Shi yana ta murna, yana tsokanata wai yau na zama kukun Turawa, in daina raina ruwan zalla. Ni kuwa ina wanke-wanke ina haɗiye kuka, na kasa gaya masa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba, ga mijina kusa da ni yana raha.

Bayan la'asar, da baƙi suka watse, aka ce ana kiranmu mu biyu. Kafili na zaune a barandar baya. Mutum ne marar hayaniya, ba mugu ba, ba kuma mai tausayin da zai hana shi lissafinsa ba. Ya ce romon ya yi, baƙi sun yaba. Sannan ya ce, “Ya Hajji, tun yaushe ba ka gani?”

Maigidana ya buɗe baki zai musa. Na taɓa hannunsa na ce, “Shi ne ya tsaya a ƙofa ɗazu.” Can ya ce, “Shekara biyu, ya ammi, ranka ya daɗe.”

Kafili ya ce ba zai bar makaho a gaban wuta da wuƙa a gidansa ba, ko don shi kansa. Ya ce kuma ba zai jefa yara a jirgi ba. Ya dube ni ya tambaya ko zan iya aikin. Kafin in amsa maigidana ya ce, “Za ta iya. Zan koya mata a gida.” Kafili ya ce halas, shi ke nan, za a sabunta takarda, amma ni ce mai aikin, maigidana ya zauna ya huta.

Maigidana ya kwance farin ƙyallen da yake ɗaurawa a ƙugu, wanda ya zo da shi tun daga Khartum. Ya ninke shi huɗu a kan gwiwarsa, ya shafa shi ya daidaita, ya miƙo mini. Hannun ya wuce gefe. Na matsa na karɓa.

Mun zauna. Yaran sun girma a Jidda, a nan suka yi aure. Na yi shekara goma sha ɗaya a kicin ɗin nan, kuma duk abin da na iya shi ya koya mini, yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinmu, ni ina faɗa masa abin da nake gani. Bai ƙara riƙe ludayi ba. Ya rame, ya yi shiru fiye da da, mutumin da ke ciyar da manya ya koma jiran a kawo masa.

Da ban taɓa tukunyar nan ba, da romon ya fita a kan lokaci, da kafili bai tako ƙofar ba, da wataƙila ya ƙara shekara ɗaya ko biyu yana mutum mai sana'a. Na san haka, shi ma ya sani. Na jira ya faɗa mini, ko sau ɗaya, ko cikin fushi, don in samu in ba shi haƙuri. Har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Abin da kawai yake tambayata, duk ranar da aka yi baƙi na dawo gida, tun kafin in ajiye mayafi, shi ne ko na ga furen.